Laulayi ne ko ciwo? Yadda za ki gane ranar da zaman gida ya ƙare

Ni dai tunda na fara aikin awo a nan Gombe tambayar da ta fi zuwa min a waya daga dangi da maƙwabta ita ce, “Adda wance tana ta amai, mu kawo ta ne ko dai laulayi ne kawai?” Kuma gaskiya ba na iya amsawa da eh ko a'a sai na yi nawa tambayoyin, saboda abu biyu ne daban muke kira da suna ɗaya. Akwai laulayin da kusan kowace mai ciki ta sani, akwai kuma wanda likitoci suke kira haifaremesis, wato aman da ya kai matakin da ko ruwa ba ya zama a ciki. Na farkon ana lallaɓa shi a gida. Na biyun gado ake bayarwa a kansa, in an yi sake kuma yana iya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Bari in fara da wanda muka saba. Cikin mata 10 masu ciki wajen 7 ko 8 suna yin tashin zuciya, wasu da amai wasu babu. Yana farawa wajen sati na 5 ko na 6, kuma lissafin satin nan daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake yin shi, ba daga ranar da kika yi gwaji ba. Yana kai ƙarshen ƙarfinsa wajen sati na 9, sai ya fara sauka, yawanci kafin sati na 14 zuwa 16 an rabu. Ni a cikina na biyu haka na yi, da asuba in na sa buroshi a baki sai na yi amai, in an soya albasa a gidan maƙwabta sai na gudu ɗaki, turaren wutan da nake so kamar me ya koma min abokin gaba. Amma da hantsi ina shan koko, da yamma ina zaune da gasasshiyar masara da yalo, da dare kuma in an yi miyar kuka ina taɓawa. Ina zuwa aiki, ina fitsari kamar kullum, da aka ɗora ni a sikeli kilo ɗaya kacal na sauke. Wahala ce kam, ba na raina ta, amma jikina yana samun abin da zai riƙe.

Toh wannan kalmar ta riƙewa ita ce gaba ɗaya maganar. Mutane sun fi son ƙirga sau nawa aka yi amai, ni kuma abin da nake fara tambaya shi ne me ya zauna. Mace za ta iya amai sau huɗu a rana amma tsakanin aman ta sha ruwa kofi shida ta ci ɗan abinci ya zauna, wannan ba ta ba ni tsoro. Wata kuma aman sau biyar ne kawai, saboda ta daina kai komai baki ne don tsoro, cikin babu abin da zai fito sai kumfa da ruwa mai ɗaci rawaya, wannan ita ce ta ba ni tsoro duk da lissafin aman nasu kusan ɗaya ne.

Mai tsananin bai da yawa, cikin mata 100 masu ciki bai fi 1 zuwa 3 ba, shi ya sa a gida da wuya ki samu wadda ta taɓa yin sa, kowa da nata laulayin take auna ki. A nan rigimar take farawa.

Matar ƙanina ce ta sa na ce sai na rubuta wannan. Yarinya ce shekara 22, cikin fari, suna zaune a Kumo a gidan gandu tare da Goggonmu. Ta fara tashin zuciya a sati na 6 kamar kowa, aka yi ta murna ana tsokanarta. A sati na 8 abin ya canza, ta koma ko ruwan randa ta kurɓa minti biyar ba ya yi sai ya dawo, miyau ya cika mata baki ba ta iya haɗiye shi, gwangwanin madara aka zuba wa ƙasa aka ajiye mata a gefen katifa. Watan Afrilu ne kuma, kun san zafin Gombe a lokacin, mai lafiya ma ruwa yake ta ɗirka balle wadda ba ya zama mata. Ƙanina ya kira ni sau biyu, duk biyun na ce a kawo ta, duk biyun Goggo ta karɓi wayar ta ce, “Ke dai kin cika son asibiti, haihuwa tara na yi wa ya taɓa kai ni? Cikin fari ne, shagwaɓa ce, ta daure.” Goggo ba mugunta take ba, iya abin da ta sani ke nan, ita nata laulayin irin nawa ne.

Sai suka ɗauki hanyar tsakiya wadda kowa yake ɗauka, aka kira wani mai kemis ya zo gida ya sa mata ƙarin ruwa leda biyu, irin mai sukari, ya yi mata allura ɗaya. Ranar ta ɗan farfaɗo har ta sha kunu, Goggo ta ce kun gani. Kashegari da yamma aka koma gidan jiya. Bayan kwana uku aka sake kiran sa ya sake sa wata ledar.

Ranar Asabar na je da kaina, tana sati na 9 da 'yan kwanaki. Abin da na yi a ɗakin nan babu wanda ya fi ƙarfin kowa, shi ya sa zan faɗe shi dalla-dalla. Na ce mata, “Amarya, yaushe rabonki da fitsari?” Ta yi shiru tana tunani, ta ce, “Adda tun jiya da la'asar, kuma ɗan kaɗan ne.” Lokacin azahar ta wuce, kusan awa ashirin da biyu ke nan. Na ce wane kala, ta ce kamar ruwan shayin da ba a sa wa madara ba. Na duba harshenta a bushe kamar an goge shi da tsumma, leɓe ya tsage, ido ya faɗa. Na ce ta tashi tsaye, tana miƙewa jiri ya kwashe ta sai da ta dafa bango. Na riƙe hannunta na ƙirga bugun jini da agogon waya, 118 a minti ɗaya tana kwance, alhali in ya wuce 100 a mutumin da yake hutawa abin dubawa ne. Na zo da sikelina na banɗaki a jaka, ta hau, kilo 55. Kafin cikin kilo 60 take, ta sani don an auna ta ba da daɗewa ba.

Ga lissafin da ake yi da nauyin nan. In mai ciki ta zubar da sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinta na kafin ciki saboda amai, an bar maganar laulayin gida. Ki raba nauyinki gida 20, abin da ya fito shi ne iyakar. Mai kilo 60 iyakarta kilo 3, mai kilo 50 kilo 2 da rabi, mai kilo 80 kilo 4. Ita ta sauke 5 a cikin sati uku, wato sama da kashi 8. Kuma ku lura da siririyar mace, abin da za ta zubar ta shiga haɗari bai kai na mai jiki ba, amma mai jikin ita aka fi yi wa sakaci don ana ganin ai tana da abin da za ta rage.

Akwai wani ɗan ma'auni da ake amfani da shi a asibiti, tambaya uku ne kan awa 24 da suka wuce, kowace ana ba ta maki 1 zuwa 5. Awa nawa kika yi zuciya tana tashi, sau nawa kika yi amai, sau nawa kika yi kakarin amai ba abin da ya fito. A tambayar farko in babu maki 1, in ya wuce awa 6 maki 5. A sauran biyun in babu maki 1, sau 1 zuwa 2 maki 2, sau 3 zuwa 4 maki 3, sau 5 zuwa 6 maki 4, sau 7 ko fiye maki 5. In an haɗa, 6 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, 7 zuwa 12 matsakaici, 13 zuwa 15 mai tsanani. Ni a nawa cikin da an auna ni ba zan wuce 6 ko 7 ba. Amarya 14 ta samu. Amfaninsa a wajena shi ne yana raba gardama, maimakon “tana amai sosai” da “a'a ba sosai ba” sai a samu lamba a faɗa wa mai gida.

Na ce wa ƙanina ya nemo mota. Goggo ta fara magana na ce, “Goggo Allah ya huci zuciyarki, yarinyar nan tun jiya ba ta yi fitsari ba, ƙodarta ce take neman ruwa.” Maganar ƙodar ce ta sa ta yi shiru, ta ɗauko mayafi ta ce da ita za a tafi.

Yanzu abin da mutane suka fi son sani, tunda ƙarin ruwa ne a gida ƙarin ruwa ne a asibiti, me ya bambanta su da har za a biya kuɗin mota da na gado? Ni ma da ban yi aikin ba haka zan tambaya.

Bambanci na farko kafin a sa ruwan ma ake yin sa, ana neman ko wani abu ne daban yake sa aman. Haifaremesis ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya zuwa da ciwon ciki mai tsanani ko gudawa. In akwai zafin jiki, a wajenmu maleriya ake fara nema, sai ciwon sanyin mafitsara wanda yake hawa ƙoda, shi ma amai yake sa mai ciki sosai, ga taifot, ga ciwon hanta in ido ya yi rawaya. Lokacin da aman ya fara shi ma magana ne, na laulayi da wuri yake farawa, in mace ta wuce wata huɗu lafiya lau sannan amai ya taso mata, wani dalilin za a nema. In kuma cikin ya tsufa ne ga amai ga ciwon kai ga kumburi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan hawan jinin ciki ake tsoro mai kai wa ga jijjiga, ba a kwana da shi a gida. Amarya an yi mata gwajin maleriya babu, fitsari babu alamar sanyi, amma an ga sinadarin kiton da yawa, wanda yake nuna jiki ya rasa abinci ya koma cin kitsensa.

Sai sikanin. Dalili biyu ne, a ga ko tagwaye ne don su sun fi kawo laulayi mai ƙarfi, a kuma tabbatar ba irin cikin nan ba ne da mabiyiya take rikiɗewa ta zama ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi babu jariri mai rai, shi wannan wanke shi ake yi kuma sai an ci gaba da bibiya. Goggo tun a mota ta yanke hukuncin tagwaye ne, sikanin ya nuna ɗa ɗaya zuciyarsa tana bugawa lafiya.

Bambanci na biyu shi ne irin ruwan, kuma nan ne nake so a tsaya a karanta da kyau. Ledojin nan duk fari ne a ido amma ba abu ɗaya ba ne a ciki. Wadda ta yi ta amai ba ruwa kaɗai ta zubar ba, ta zubar da gishirin jiki, musamman sodiyam da fotasiyam. Ruwan da ya dace da ita mai gishiri ne, nomal salin ko ringas, kuma ana ɗiban jini a auna gishirin a ga me ya ragu. Fotasiyam ɗin amarya 3.0 ya nuna, daidai kuwa daga 3.5 ne zuwa 5, in ya yi ƙasa sosai ƙafafu suna mutuwa bugun zuciya yana rikicewa. Ana mayar da shi ne a cikin ledar ruwan a hankali, ana sake aunawa, don in aka tura shi da sauri a jijiya shi kansa yana tsayar da zuciya. Wannan ba aikin da za a yi a ɗaki a rataye leda a ƙusa ba ne.

Mai sukarin da aka sa mata a gida, dekstiros, shi mutane suka fi so don ana ganin yana ba da ƙarfi, kuma lallai mutum yana ɗan jin daɗi bayansa. Matsalarsa biyu. Babu gishiri a cikin wanda aka fi sawa, sai ya ƙara tsarma ɗan sodiyam ɗin da ya rage. Ta biyun ta fi muni. Akwai bitamin B1, tayamin, wanda jiki yake buƙata kafin ya iya ƙona sukari, kuma ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku ba. Macen da ta yi sati uku ba ta ci ba ajiyar ta kusa ƙarewa, in ka ɗura mata sukari a jijiya sai ɗan ragowar ya ƙone lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa ta rasa. Abin da ake gani shi ne mace ta fara ruɗewa tana magana ba kan gado, ta manta abin da aka faɗa mata yanzu, ido yana rawa ko tana ganin abu biyu-biyu, in ta tashi tana tangaɗi kamar mai maye. A gida da an ga haka sai a ce iska ce a tafi neman mai ruƙiyya, alhali allurar bitamin ce mai araha ta rasa, kuma in aka makara mantuwar tana iya zama har abada, cikin ma yana iya zubewa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a fara ba da tayamin, yawanci miligiram 100, kafin duk wani ruwa mai sukari. Amarya Allah ya tsare, leda uku ta sha bai kai ta can ba, amma da na ji labarin sai da gabana ya faɗi.

Ba ina cewa duk mai kemis bai san aikinsa ba ne, wasunsu ma sun fi wasunmu kirki da haƙuri. Abin da ba shi da shi ne matsalar, ba ya auna gishirin jini, ba ya sikanin, kuma in ya cire allurar ya tafi babu mai duba fitsarin nan ya dawo ko bai dawo ba.

Na uku maganin tsayar da aman. Ruwa yana mayar da abin da aka rasa ne kawai, ba ya hana wani aman, shi ya sa ta farfaɗo kwana ɗaya ta koma. A nan kuma sai ka ji mai gida ya ce shi ba ya son a ba matarsa magani da ƙaramin ciki kar ya taɓa yaron. Tsoron yana da asali, amma akwai magungunan da aka daɗe ana ba masu ciki an san halinsu. Ana farawa da irin su furometazin, wanda aka fi sani da fenagan, ko saikilizin, ko haɗin dokzilamin da bitamin B6. Illarsu barci ne da bushewar baki. In ƙwaya ba ta zama sai a yi allura har cikin ya lafa sannan a koma ƙwaya. In ɗaya bai isa ba ana haɗa biyu masu aiki ta hanya daban, ba wai a yi ta ƙara yawan ɗayan ba.

Sai metokulofuramid, wanda ake kira makzolon, shi ne allurar da aka fi yi a unguwa. Yana aiki, amma ba a so a wuce miligiram 10 sau uku a rana, kuma ba a so a ja shi ya wuce kwana biyar. Yana da wata illa da ta fi kama 'yan mata masu ƙarancin shekaru, wuya ya murɗe gefe, ido ya kafe sama, harshe ya fito ko haƙora su datse. Na taɓa ganin an shigo da wata haka dangi suna ta kuka ana tofa mata addu'a, tambaya ɗaya aka yi, wace allura aka yi mata yau. Aka daina shi aka yi mata allurar da take warware shi, kafin awa ɗaya tana magana. Fenagan ma yana iya yin haka, ba dai kamar shi ba.

Ondansetiron shi ne mai ƙarfin da ake zuwa gare shi in na farkon sun gaza. Yana sa bayan gida ya yi tauri sosai, kuma in an sha a watanni ukun farko akwai ɗan ƙarin yiwuwar tsagewar leɓe ko ganɗa a jariri, ƙarin kuwa wajen yara 3 ne cikin 10,000. Likita yana auna wannan da halin da uwar take ciki, macen da ta kwana biyu ruwa bai zauna mata ba haɗarin rashin maganin ya fi. In duk an gwada an rasa sai a je ga sitiroyid, wannan kam sai babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Wadda aka kwantar kuma ana iya yi mata allurar hana jini daskarewa, don ciki da rashin ruwa da kwanciya waje ɗaya duk suna sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafa.

Amarya kwana uku ta yi. Daren farko bayan leda ta uku ta yi fitsari mai yawa, ni a wajena wannan shi ne albishir ɗin farko tun kafin aman ya tsaya. Kwana na biyu ta fara tsotsar ƙanƙara, sai ruwa cokali-cokali, da yamma biskit busasshe guda biyu. Kwana na uku ƙwayar maganin ta zauna, kunu ya zauna, gishirin jini ya dawo daidai, aka sallame ta. Sharaɗin sallama ke nan, ba wai tashin zuciya ya tafi ba, sai dai magani da ruwa suna zama ta baki.

Kwana goma bayan nan aka dawo da ita. Da ta ji sauƙi sai ta ajiye maganin, Goggo ma ta ce ai ta warke kar ƙwaya ta yi wa yaro yawa. Ciwon nan ba a warkewa daga shi a sati na 10, danne shi ake yi har lokacinsa ya wuce, kuma maganin a kan lokaci ake shan sa ko da ba a jin komai, na safe ma tun kafin a sauko daga gado. Wannan karon da wuri suka zo, kwana ɗaya kawai da dawowar aman, don haka ba a ba ta gado ba, an sa mata ruwa da allura na 'yan awanni ta koma gida da yamma. Wannan zaɓin yana nan kuma ya fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba, amma na wadda ta zo da wuri ne. Wadda ta zubar da nauyi sosai, ko ƙwaya ba ta zama mata, ko tana da ciwon suga ko wani ciwon da dole ta sha maganinsa kullum, ita gado ne.

Abubuwan gida da ake ba da shawara ba ƙarya ba ne, na laulayi mai sauƙi ne. Citta tana rage tashin zuciya, cin kaɗan-kaɗan kar ciki ya zama wayam, raba ruwa da abinci, abinci mai sanyi da ba ya tashin ƙamshi, barin girki ga wani, duk suna taimakawa. Ruwan gishiri da sukari na leda ma yana da kyau in yana zama, a karanta jikin ledar, yawanci a lita ɗaya ake kaɗa shi wato fiya wata biyu, a sha kurɓi-kurɓi. Ƙwayar ƙarin jini ta awo tana ƙara wa wasu amai, ana iya dakatar da ita na ɗan lokaci da sanin ma'aikaciya a bar folik asid. Amma wadda ta kai matakin amarya in ka miƙa mata shayin citta ƙona mata maƙogwaro kawai zai yi ya dawo, jiƙe-jiƙe da kanwa kuwa ƙara rikita gishirin jikin suke yi. Azumi ma kar a ce za a gwada, shari'a ta ba mara lafiya rangwame.

Maganar shagwaɓa kuwa, a 2023 an fitar da wani babban bincike da ya nuna wani sinadari mai suna GDF15, mabiyiya ce take zuba shi da yawa a jinin uwa, shi kuma ya je ya taɓa wajen da ke sa amai a ƙwaƙwalwa. Matan da jikinsu bai saba da shi ba kafin ciki, wato nasu ɗan kaɗan ne tun asali, su ya fi bugawa. Shi ya sa yake bin jini, in mahaifiyarki ko yayarki ta yi ke ma kina iya yi, kuma wadda ta yi sau ɗaya sau da yawa yana dawowa a ciki na gaba. Da muka bincika ashe mahaifiyar amarya ta yi irinsa a cikin fari har aka mayar da ita gidansu a Dukku aka yi jinya wata biyu, ba wanda ya taɓa kiran sa ciwo. Wadda ta san tana da wannan tarihin ta je awo tun ranar da gwaji ya nuna ciki, a auna nauyinta a rubuta, a ba ta magani ta riƙe tun tashin zuciyar farko.

Yaron fa? Laulayi mai sauƙi ba ya taɓa shi, yana ɗibar abin da yake so daga jikin uwa. Mai tsananin ma in an kula yawanci lafiya ake haihuwa, inda ake samun ƙaramin jariri ko haihuwa kafin lokaci shi ne in uwar ta daɗe tana ramewa ba ta mayar da nauyin ba.

Don haka in an kira ni yanzu ga abin da nake cewa. In ruwa yana zama, tana fitsari fari-fari sau da yawa a rana, tana iya tashi ta yi harkarta, a zauna a gida a faɗa a ranar awo, in ya dame ta a rubuta mata ƙwaya, ba sai ta galabaita ake ba da magani ba. In an yi awa 24 ba abin da ya zauna, ko an wuce awa 8 ba fitsari ko ya yi duhu, ko jiri yana ɗibarta in ta miƙe, ko sikeli ya nuna an wuce iyakar nan ta raba-gida-20, yau za a tafi. In akwai jini a aman, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko zubar jini ta ƙasa, ko ta fara ruɗewa, ko da tsakar dare ne a nemo mota.

Amarya sai wajen sati na 18 ta ajiye maganin gaba ɗaya, miyau kuwa har wata na bakwai tana yawo da gwangwaninta, wasu ma har ranar haihuwa suke kaiwa da shi. Ta mayar da kilo biyar ɗinta ta ƙara tara a kai, ta haifi mace a watan Nuwamba kilo 2.9. Har yau ba a kunna turaren wuta a ɗakinta, ta ce da ta ji ƙamshin sai bakinta ya tara miyau, Goggo ta kwashe kaskon da kwalaben ta kai nata ɗakin.